Darasi na 6: Wace waya ake ja wa soket, kuma me ke sa siririya ta yi zafi

In kun je shagon kayan wuta ku ɗauki waya ku duba jikin robar, za ku ga an buga lamba, 1.5 ko 2.5 ko 4. Lambar nan kaurin jan ƙarfen da ke ciki ne ba kaurin roba ba, kuma ita ce ke gaya maka nauyin wutar da wayar za ta iya ɗauka. 1.5 ta ƙwan fitila da fankar sama ce. Soket kuwa 2.5 ake ja masa, abu mai cin wuta sosai irin hitar wanka ko babban esi a ba shi layinsa shi kaɗai, galibi da 4.

To me ya sa? Bari mu yi lissafi da ɗaki ɗaya. Kowane kayan wuta akwai wat ɗinsa a rubuce a gindi ko a baya. A ce da safe uwargida ta jona butar lantarki mai wat 2,000, yaro na goge yunifom da ayan mai 1,500, firij na cin 300, talabijin da fankar ƙasa 300, duk a layi guda. Jimla 4,100 kenan. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, sai a raba:

4,100 ÷ 230 = 17.8

Wato kusan amfiya 18 ke bi ta cikin wayar nan, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Waya 1.5 da aka zura a bututu cikin bango abin da take ɗauka lafiya bai wuce amfiya 17 da ɗoriya ba, shi ma in zafin gari yana digiri 30 ne, mu kuwa a bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ana kai 40 har a wuce, to a irin wannan zafin sai ta dawo wajen 15. Kun ga an riga an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ita 2.5 a wannan zafin tana ɗaukar wajen 21, ta ɗauke kayan ɗakin nan da ɗan rara.

Zafin kuma ga inda yake fitowa. Wuta in tana bi ta waya sai ta sha turjiya, iya sirantar waya iya yawan turjiyar, kuma turjiyar nan ita ke komawa zafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, in wutar da kake ja ta ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa layin da ya shekara lafiya da talabijin da cajin waya, ranar da aka sayo buta da risho na lantarki sai a fara jin ƙauri. Robar da aka naɗe wayar da ita digiri 70 aka yi ta ta jure, in ana wuce haka kullum sai ta bushe ta yi tauri ta tsattsage, wata rana wayoyi biyu su haɗu a cikin bango ko a saman silin inda ba mai gani.

Wani zai ce ai akwai bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Eh akwai, amma bireka ba ta san kaurin wayarka ba, lambar amfiyar da ke jikinta ita kanta kawai ta sani. In aka sa mai 32 a kan waya 1.5, wayar za ta yi ta dahuwa da amfiya 25 bireka ko gezau. Layin soket na 2.5 da ya taso daga akwatin bireka ya ƙare a soket na ƙarshe, bireka mai 20 ake sa masa ko 16. In tana yawan faɗuwa don Allah kar a canza ta da babba, kar kuma a ɗaure fiyus da waya mai kauri, kaya ne suka yi yawa, a rage ko a ja sabon layi.

Sai maganar jabu, wannan tana ci min rai ƙwarai. Akwai wayar da an rubuta 2.5 amma cikinta bai kai ba, akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, alminiyom kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iyawa. Kafin ka biya ka sa a yanko ɗan guntu ka kankare da wuƙa, in cikin ya fito fari ka ajiye musu kayansu.

A gida kuma ku lura da soket mai ɗumi in an taɓa, ko wanda bakinsa ya yi baƙi, ko warin ƙonanniyar roba. Wani lokacin ma ba sirantar waya ba ce, sukurun da ya riƙe ta ne ya saki. Ko ma wanne ne, a kashe layin daga akwati, kar a buɗe soket da wuta a jiki, a kira mai wayarin ya duba lambar wayar da ta birekar tare.