Yadda za ka gane ko ya dace ka nemi aiki in rabin sharuɗɗan kawai ka cika

Sanarwar ɗaukar aiki ta fito a Jobberman ko LinkedIn, sharuɗɗa goma a jere, ka ƙirga ka ga biyar ka cika. Yawancin matasanmu na Agege, Idi-Araba da Obalende a nan suke rufe wayar su ce ba rabonsu ba ne. Wasu kuma turawa suke yi ko'ina ba dubawa, har gwiwarsu ta yi sanyi. Ƙirga ba ta yanke wannan hukuncin, domin sharuɗɗan ba nauyinsu ɗaya ba. Abin dubawa shi ne wane rabin ka cika, wane kuma ka rasa.

Mataki na farko: ware sharuɗɗan da ba a ɗaga ƙafa a kansu

Ɗauki biro da takarda, ka kwafe sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Fara sa alama a kan waɗanda doka ko tsarin kamfani ya ɗaure. Lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ga nas, rajistar COREN in an ce injiniya mai rajista ake so, shaidar ICAN ko ANAN in cikakken akanta ake nema, lasisin tuƙi ga direba. Haka satifiket ɗin bautar ƙasa, ko na yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. A shirin ɗaukar sababbin masu digiri na bankuna, ƙayyade shekarun haihuwa da matakin digiri ma suna cikin wannan rukuni, saboda fom ɗin kansa ne ke tace mutane kafin idon ɗan Adam ya kai kan takardarka.

In ka rasa ko ɗaya daga cikin irin waɗannan, ka haƙura da wannan gurbin, ko da ka cika sauran tara.

Kalmomin sanarwar suna taimakawa. Inda ka ga "must" ko "required", da gaske suke. Inda aka rubuta "preferred" ko "added advantage", so ne kawai, ba dole ba.

Mataki na biyu: karanta ayyukan kafin sharuɗɗan

Nan ne aka fi yin sake. Jerin sharuɗɗa sau da yawa haɗe-haɗe ne: manajan da ke neman mataimaki ya faɗi abu uku ko huɗu da ke damunsa, ofishin kula da ma'aikata ya ƙaro wasu daga tsohuwar sanarwa. Amma sashen da ya lissafa ayyukan yau da kullum ya fi kusa da gaskiyar kujerar. Karanta ukun farko da kyau, ka tambayi kanka: in aka ba ni wannan kujera ranar Litinin, zan iya yin waɗannan ba tare da an tsaya a kaina ba? Kuma ina da wani abu da na taɓa yi da hannuna wanda zan iya kafa hujja da shi?

Bari mu ɗauki misali. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Ikeja yana neman mai kula da sito. Ayyukan farko su ne karɓar kaya da tantance su da takardar da ta rako mota, ƙirga kaya duk ƙarshen wata, da haɗa rahoto a Excel. Sharuɗɗan kuwa: HND ko digiri, bautar ƙasa, iya Excel, zama kusa da Ikeja, iya mu'amala da direbobi da 'yan dako, gogewar shekara 3 zuwa 5, sanin SAP, wato manhajar da kamfanoni ke riƙe lissafin kaya da kuɗi da ita, aiki a baya a kamfanin kayan masarufi, zama mamba na ƙungiyar ƙwararrun masu saye da adana kaya, da jin Yarbanci.

Mai nema matashi ne mazaunin Agege, yana da HND a harkar kasuwanci, ya yi bautar ƙasa, kuma shekara biyu yana riƙe da lissafin siton kawunsa a kasuwar Mile 12. Shi ke ƙirga buhunan wake da shinkafa in tirela ta iso daga Arewa, shi ke rigima da direba in buhu uku sun ɓace a hanya, kuma ya mayar da littafin bashi zuwa Excel. Biyar ɗin farko ya cika, biyar ɗin ƙarshe babu.

Mataki na uku: auna girman kowane giɓi

Shekara 3 aka ce, yana da 2. Wannan giɓi ne ƙarami, domin adadin shekaru hanya ce kawai ta cewa ba a son wanda za a koya wa komai daga tushe. Da an ce 7 ko 8, da labari ya canza, don wannan na nufin shugaban sashe ake nema wanda zai riƙe mutane, ba matakinsa ba ne tukuna.

SAP shi ne giɓin gaske. Amma duba inda ya fito. A cikin ayyukan Excel aka ambata, SAP kuwa a sharuɗɗa kawai yake. Wanda ya san shigar da kaya da fitar da su da daidaita lissafi zai koyi allon manhajar a bakin aiki. Da a ce aikin farko a jerin shi ne kula da manhajar da koya wa wasu ita, to ba na shi ba ne. Kamfanin kayan masarufi bai taɓa yi ba, amma abinci yake juyawa kullum, ya san kayan da ya fara shigowa shi ke fara fita. Ƙungiyar ƙwararru da Yarbanci kuwa "added advantage" aka rubuta a gabansu.

Hukuncin wannan matashi: ya tura. Abokinsa da ya cika shida, har da Yarbanci da zaman kusa, amma bai taɓa ƙirga kaya ba kuma bai iya Excel ba, shi ne ya kamata ya dakata.

Mataki na huɗu: lissafa abin da zai ci maka

Turawa ba ta cin komai sai data da awa ɗaya ko biyu. Intabiyu ne ke cin kuɗi. Kada ka raina sharaɗin wurin zama, domin a Legas da gaske ake yin sa. Mai zama Agege da ya karɓi aiki a Lekki ko Ajah zai bar gida kafin sallar asuba, kuɗin mota kuma ya cinye babban kaso na albashi, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka. In za ka iya komawa wurin ɗan'uwa kusa da ofishin, ka faɗa a wasiƙarka. Duk sanarwar da ba ta da sunan kamfani ko hukumar da ke ɗaukar masa ma'aikata, ko aka ce ka zo da kuɗin fom ko na horo, ka bar ta ko da ka cika goma cif.

Mataki na biyar: gyara CV ɗinka don wannan gurbin

In ka yanke za ka tura, kada ka tura tsohuwar CV yadda take. "Na taimaka a shagon kawuna" ba zai kai ka ko'ina ba. Rubuta abin da ka yi da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, da adadi na gaskiya: buhu nawa ke shiga a mako, sau nawa ake ƙirga, wane rahoto kake haɗawa. Waɗannan su zo a sama.

Don Allah kada ka rubuta SAP alhali ba ka taɓa buɗe shi ba. Tambaya ɗaya a intabiyu ta isa ta tona, kuma daga nan ba za a yarda da sauran abin da ka rubuta ba. A wasiƙar rakiya jimla ɗaya ta wadatar: ba ka yi aiki da SAP ba, amma shekara biyu kana riƙe lissafin sito a Excel, kuma a shirye kake ka koya. Sauran giɓin ƙanana kada ka ambace su sai an tambaya.

Ka riƙa ajiye jerin wuraren da ka tura da sharuɗɗan da ka rasa a kowanne. In shiru ya yi yawa kuma ka ga abu ɗaya ne ke ta maimaituwa a layin abin da ka rasa, ka dakatar da turawa irin wannan gurbin, ka ware wata ɗaya ko biyu ka koyi abin, sannan ka saka shi a CV ka ci gaba.