Inbois ya fita da kuskure? Kada ka yaga, kada ka goge

Yaro na uku ke nan a bana da na kama da farin ruwan goge rubutu a hannu yana shirin shafe adadi a kan inbois ɗin da kwafinsa ya riga ya isa hannun mai saye. Shekaruna sun haura goma ina riƙe wa 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 littafin lissafi, kuma kuskuren nan bai taɓa sauya kama ba, masu yin sa ne kawai ke sauyawa.

Inbois, wato takardar neman biyan kuɗin kaya, da zarar ya fita ya zama mai gida biyu. Ɗaya na littafinka, ɗaya na wajen akawun mai saye. In ka gyara naka kai kaɗai, littattafan biyu sun raba hanya ke nan. Abin da ake gyara shi da shi wata takarda ce dabam da mai sayarwa ke bayarwa, kiredit not, wadda ke cewa: daga inbois mai lamba kaza, an rage wa mai saye kuɗi kaza, saboda dalili kaza. Tsohon inbois na nan yadda yake, ba a taɓa shi.

Ni ban goge ba lokacin da na yi nawa shirmen, abin da na yi ya fi gogewa muni. Maigidana na lokacin yana kai wa wani otal a Ikeja sabulu. Na rubuta kwali 200 a kan naira 18,500 kowanne, ya kama 3,700,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama 277,500, jimilla 3,977,500. Da mota ta isa aka sauke, mai kula da siton otal ya ƙirga 180, ya rubuta haka a jikin webil, wato takardar da ke rakiyar kaya, ya sa hannu. Ashe ashirin ɗin ba a ma loda su ba, suna jibge a bayan ƙofar sitonmu. Sai na ce ai abu mai sauƙi ne, na buga sabon inbois na kwali 180, na ba direba ya kai, na kama wani aikin.

Ban soke na farkon ba. Duka biyun suka zauna a littafi kamar ciniki biyu aka yi. Ƙarshen wata na haɗa lissafin VAT, wanda ake miƙawa kafin 21 ga watan da ke biye ya wuce, muka biya haraji a kan inbois biyu, wato 277,500 a kan cinikin da ba a yi ba. Ban farga ba sai da Alhaji, maigidan nawa, ya duba littafin bashi ya ga otal na da 7,557,250 a wuyansa, ya ɗauki waya ya yi wa akawunsu faɗa. Mutumin ya turo hoton webil. Alhaji ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, ashe ni ka sa na ci mutuncin bawan Allah a banza?" Na ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ba ni da wata amsar. Kuɗin harajin an daidaita shi daga baya da wahalar rubuce-rubuce, amma otal ɗin wata biyu ba su sake neman kaya a wajenmu ba.

Abin da ya kamata in yi layi uku ne. Kwali 20 sau 18,500 ya ba da 370,000. VAT ɗinsa 27,750. Jimillar kiredit not 397,750. A cire daga 3,977,500, saura 3,579,750, daidai kuɗin kwali 180 da harajinsu. In kuwa mai saye ya dage sai an ba shi sabon inbois mai tsabta, kuma manyan kamfanoni kan dage, to sai a fara yin kiredit not na dukan kuɗin tsohon, 3,977,500 cif, sannan a buga sabon da sabuwar lamba. Ko wannan ko wancan. Sabon inbois babu soke tsoho, shi ne ramin da na faɗa.

Kuskure na biyu, kuma wannan kam yana ɓata mini rai, shi ne manta VAT a cikin kiredit not. Yaro zai rubuta 370,000 ya rufe littafi yana murmushi. To harajin kwali ashirin da ba a kai ba fa, wa zai ɗauka? Yana nan maƙale a sunan mai saye, 27,750, shi ba zai biya ba tunda bai karɓi kayan ba, kai kuma kullum littafinka na nuna ana binsa. Duk ƙananan bashin nan da ke kwana shekara a littafi babu wanda ya san asalinsu, ka bi sawunsu, yawancinsu daga nan suka fito. Yadda inbois ya raba kuɗin kaya da haraji, haka kiredit not zai raba su. In kayan ba su da VAT tun farko, kamar ɗanyen kayan abinci, kada ka ƙirƙiro masa haraji wajen ragewa.

Kuskuren farashi kuma da nasa tarkon. A ce a wannan cinikin dai an yi magana a kan 17,800, ka buga 18,500. Bambancin naira 700 ne a kowane kwali. A kan kwali nawa za ka lissafa? Masu gaggawa sai su ce 200, su sami 140,000. A'a. Ashirin ɗin an riga an rage su da cikakken kuɗinsu, ka sake rage 700 a kansu ka yi kyauta sau biyu. A kan 180 ake yi: 126,000, VAT 9,450, jimilla 135,450. Ni al'adata, kafin in sa hannu sai na lissafa cinikin daga tushe kamar ba a taɓa kuskure ba: 180 sau 17,800 ya ba da 3,204,000, haraji 240,300, jimilla 3,444,300. In abin da ya rage bayan ragi bai zo daidai da wannan ba, takardar ba za ta fita daga teburina ba. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Su ta shafa.

Masu aiki da kwamfuta, ku kula da sito. Manhajoji da yawa suna mayar da kaya cikin lissafin sito idan aka sa adadin kwali a kiredit not. In ragin na adadi ne kuma kayan na sitonka, hakan daidai ne. In na farashi ne kawai, ka sa shi a matsayin kuɗi zalla, in ba haka ba kwamfuta za ta haifa maka kwali 180 da babu su, ranar ƙirga kaya a fara zargin yaran sito da sata.

Saura ƙanana ne. Kada ka mayar da kwanan wata baya, sa ranar da ka rubuta. Ba wa kiredit not jerin lambobinsa dabam, kuma ka rubuta lambar inbois ɗin da yake gyarawa. Dalili kada ya zama "gyara" kawai, rubuta "kwali 20 ba a kai ba" ka maƙala kwafin webil. In kai ne ka rubuta ƙasa da abin da ya kamata, kiredit not ba aikinsa ba ne, debit not, wato takardar da ke ƙara kuɗin da ake bin mai saye, ko ƙarin inbois za ka yi. In mai saye ya riga ya biya duka, takardar ba ta mayar masa da kuɗi, sai kun tsayar ko a tura masa ko a cire a cinikin gaba. Kuma kwafinsa a miƙa shi hannun akawun mai saye, kada a bar wa maigadi a bakin ƙofa.