Kafin ka tashi sabon jirginka marar matuƙi mai farfela da yawa

'Yan uwa, kafin komai a cire farfeloli. Wajen daidaita rimot wani lokaci motar da ke juya farfela kan tashi ba zato, yatsa kuma ba ya tsirowa.

Daidaita ma'aunin motsi ba wuya: a Mission Planner, manhajar saita jirgin, za a ce ka ajiye jirgin ta fuskoki 6, kowace ka bar shi ya tsaya cak kafin ka danna. Ta farkon, wato zaman daidai, ita ce mai muhimmanci, don idan teburin ya karkace jirgin zai riƙa zamewa gefe.

Kamfas ne ke kayar da mutane. Kada ka daidaita shi a ɗaki, rodin da ke cikin kankare yana ruɗa shi. Fita fili nesa da mota, ka ajiye waya da makullai, sannan ka juya jirgin ta kowace fuska. Bayan haka nuna hancinsa arewa ka duba allon. Idan ya kauce sosai, sake yi, in ba haka ba a `Loiter`, wato yanayin da jirgin ke tsayawa wuri ɗaya a sama, zai fara zagaye yana faɗaɗa da'ira.

Rimot kuwa, kai kowace sanda ƙarshenta, lambobin su kama kusan 1000 zuwa 2000, tsakiya 1500. Duba ko sandar gaba da baya ta juye.