Yadda ake zaɓen Lasso, Magic Wand ko Quick Selection kafin a goge abu a hoto

Yaran da ke zuwa koyon aikin hoto a shagona nan Maraɗi, kusan dukansu abu guda ke kayar da su. Da zarar an ce a cire wani abu daga hoto a Photoshop, sai hannu ya tafi kan Magic Wand, don dannawa ɗaya ce. Ni kuma abin da nake fara gaya musu shi ne su saki linzami tukuna, su ƙara girman hoton, su dubi gefen abin da za a cire, wato inda ya haɗu da abin da ke bayansa. Wannan gefen ne ke faɗa maka kayan aikin da za ka ɗauka.

Bari in yi da hoton da aka taɓa kawo mini daga wani ɗaurin aure a unguwar Zariya. Ango yana tsaye da farar shadda a gaban bango mai ruwan madara, kusa da shi akwai shuɗiyar kujerar roba, ga kuma wani yaro ya leƙo daga gefe. Yayan ango ya ce: "Malam, a fitar mini da kujerar nan da yaron, ango kaɗai nake so."

Kafin komai danna Ctrl+J ka yi kwafin hoton, ka yi aiki a kan kwafin, ka kuma kashe alamar idon da ke kusa da hoton asali, wanda ke ƙasan kwafin a jerin Layers. In ba ka kashe ba, za ka danna Delete ka ga kamar ba abin da ya goge, alhali na ƙasan ne kake hangowa ta cikin ramin. Masu Photoshop na Faransanci, waɗanda su ne da yawa a nan, za su ga Baguette magique a madadin Magic Wand, da Sélection rapide a madadin Quick Selection. Lasso sunansa bai canja ba, maɓallinsa L, sauran biyun kuma suna ƙarƙashin W, ana juya su da Shift+W.

Kujerar launi ɗaya ce, ba zane, kuma ta bambanta da bango sarai. Nan ne wurin Magic Wand. Shi launi kawai ya sani, bai san kujera ba, bai san mutum ba. In ka danna wuri, sai ya kwashe duk abin da launinsa ya yi kusa da na wurin, kuma lambar Tolerance da ke sama ita ke faɗa masa iyakar kusancin. Tana tafiya daga 0 zuwa 255, a 32 take zuwa. In ka rage ta zai kama kaɗan ya bar inuwa, in ka ƙara ta da yawa zai tsallake ya shiga bango. A kujerar nan 32 ta kama inda rana ta haska ta bar ƙafafu masu duhu. Yaron shago ya so ya kai ta 80, na hana. Ka bar ta tsakanin 30 da 40, ka riƙe Shift ka danna ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kowace dannawa tana ƙaruwa a kan ta farko. Dannawa biyar a lamba ƙarama ta fi dannawa ɗaya a babba tsabta, kuma a shagona haka ake yi.

Kusa da Tolerance akwai wani ɗan akwati mai suna Contiguous, ko Pixels contigus a Faransanci, kuma a nan na taɓa yin asara. In akwai alama a cikinsa, Magic Wand zai kama launin da ke manne da inda ka danna ne kawai. In babu, zai bi hoton kaf ya kwashe duk mai irin launin, ko a ina yake. Ranar da na fara wannan hoton akwatin ba alama, ban lura ba. Hular ango tana da ɗinkin shuɗin zare, sai aka kama ta tare da kujera. Ni idona na ƙasa kan kujera, ban ga layin nan mai tafiya kamar tururuwa yana motsi a kan hula ba. Sai da aka wanke hoton a babbar takarda muka ga ɗinkin hular ya ɓace wuri-wuri. Takarda da tawada suka tafi a banza, dole na sake daga aljihuna, ga mai hoto yana zaune yana jira. Tun daga ranar ba na gogewa sai na danna Q. Hoton zai rufe da ja, abin da aka zaɓa kaɗai zai fito fili, ko ɗigo ne a kan hula za ka gan shi. Ka sake danna Q ka koma.

Wani abin da ke ɓata Magic Wand shi ne hoton da aka turo ta WhatsApp. An matse shi, launin da ido ke gani ɗaya ya farfashe, don haka za ka ga ƴan ɗigo-ɗigo sun rage a cikin zaɓin. Ka roƙi mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ko ya zo da wayar a ɗauka da kebul. Ya fi maka awa guda kana tsintar ɗigo.

Yaron da ke hoton kuwa rigarsa atamfa ce mai launi kala-kala, ga fuska, ga hannu. Magic Wand ba shi da abin yi a nan. Quick Selection, wanda ya shigo tun CS3 a 2007, kamar buroshi yake: kana jan shi a cikin jikin abu yana faɗaɗa har ya ci karo da gefe mai ƙarfi ya tsaya. Ka sa buroshin ya fi hannun yaron ƙanƙanta, ka ja daga tsakiya, kada ka taɓa gefen da kanka. In ya zarce, riƙe Alt ka shafa inda ya wuce ya janye. Ya kama yaron cikin ja uku.

Inda ya kasa shi ne wurin da farin wandon yaron ya jingina da babbar rigar ango. Fari a kan fari, ba gefen da zai gani, sai ya malala cikin shaddar. Na janye da Alt, ya sake malala. In ka ga haka sau biyu kada ka ci gaba da kokawa, wurin na Lasso ne, don shi idonka da hannunka yake bi. Ni Polygonal Lasso nake ɗauka, wanda ke jan miƙaƙƙen layi daga dannawa zuwa dannawa, saboda jan layi da linzami hannu na rawa. Ka ƙara girma zuwa 300%, ka riƙe Alt a dannawar farko don a rage daga zaɓin, ka bi bakin rigar da gajerun dannawa. In ka danna ba daidai ba, Backspace zai cire ta ƙarshe. Ka zagaya ta cikin rigar ango ka dawo inda ka fara. Ba laifi ba ne a haɗa kayan aiki biyu ko uku a zaɓi ɗaya.

Da a ce yaron shi kaɗai yake a gaban bango bai taɓa kowa ba, da Lasso na hannu zan zagaye shi sako-sako in wuce, tunda bango za a cike wurin da shi.

Saura gogewa. Zaɓin da ya tsaya daidai kan gefe yana barin siririn zobe mai launin abin da ka cire. Shiga Select > Modify > Expand ka ƙara 2 ko 3, fiye da haka in hoton babba ne, sannan ka sake duba gefen rigar ango kada ƙarin ya ci ta. In rami kake so, Delete. In kana so bango ya rufe wurin, Shift+F5 ka zaɓi Content-Aware, wanda sai daga CS5 zuwa sama ake samunsa. Ctrl+D ya saki zaɓin. Inuwar kujerar tana nan a ƙasa, ita ma ka zagaye ta da Lasso ka cike, sannan ka dubi hoton daga hula har takalmi kafin ka aika wanki.