Obin ɗinki ya fi lambarsa zafi: kurakuran da nake ta gani wajen awo da gyaran wuta

A duk lokacin da wata ta turo mini hoton kek da ƙasansa ya yi baƙi, samansa ya tsage kamar gona a rani, cikinsa kuma ɗanye sharaf, tambayar ɗaya ce: "Aunty, fulawar ce ba ta da kyau ko ƙwan ne ya yi yawa?" Na amsa wannan tambaya har na gaji. Yawancin lokaci kwaɓin lafiyarsa ƙalau. Obin ne ya fi abin da aka rubuta a jikin makunninsa zafi, kuma mai shi ba ta taɓa aunawa ba. Ki sayi ma'aunin zafi na obin, wannan mai kama da ƙaramin agogo da ake ratayewa a jikin raga. Sai dai sayensa kaɗai ba ya gyara komai, domin na ga mutane da ma'aunin a hannu suna ƙona kek kamar da.

Kuskuren farko, wanda ni ma ya taɓa ja mini asara, shi ne duba ma'aunin sau ɗaya a ce an auna. Obin mai na'urar daidaita zafi ba ya tsayawa cak a lamba ɗaya. Wuta takan kama ta hau har ta wuce lambar da kika sa, sai na'urar ta yanke ta, zafi ya sauko ƙasa da lambar, sannan ta sake kamawa. Haka yake yi daga farkon gashi har ƙarshe, kuma hawa da saukar digiri 10 zuwa 15 ba ciwo ba ne. Idan kika leƙa lokacin da wuta ke sama za ki ce obin ɗin ya haukace. Idan kika leƙa lokacin da ta sauko za ki ce daidai yake.

Ni wannan na biyun ne ya same ni. Ana saura kwana biyu bikin 'yar yayata, na karɓi aikin kek ɗin da za a raba, a sabon obin da ban san halinsa ba. Na sa shi a 180, fitilar da ke nuna ya yi zafi ta mutu bayan kamar minti 10, na leƙa ma'auni na ga allura a kan 180, na ce alhamdulillahi, na zura gwangwanaye. Ban san cewa allurar tana kan hanyarta ta hawa ba ne, domin irin wannan ma'auni yana da nawa, sai ya ɗauki mintuna kafin ya cim ma zafin da ke ciki. Minti 25 sai ƙauri. Na cire, na kankare ƙasan, na yanka ciki na tarar da kwaɓi. Saboda taurin kai na sake zuba na biyu, na ce laifin gwangwani ne. Shi ma haka. Kiret ɗin ƙwai da bota da suga suka tafi a banza, kuma daren ranar ban runtsa ba. Har yau idan na tuna yadda yayata ta kalli farantin ta ce "ba komai" sai in ji kunya.

Washegari na zauna na yi awon yadda ya kamata, kuma har yanzu haka nake yi da kowane sabon obin. Raga a tsakiya, ma'auni a tsakiyar ragar, daidai inda gwangwani zai zauna, fuskarsa tana kallon gilashin ƙofa. Babu komai a ciki. Na sa 180, na bar shi minti 20 cif, ban kula da fitila ba, domin ita iskar ciki kawai take ji, bangon ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba. Daga nan na riƙa dubawa duk bayan minti 10, sau huɗu, ta gilashi, ina rubutawa: 215, 195, 210, 200. Na haɗa su suka ba da 820, na raba huɗu, 205. Wato obin ɗina ya ɗara lambarsa da digiri 25. Na mayar da makunni 155, na sake jira, na sake dubawa sau huɗu, tsakatsakin ya zauna wajen 180. Tun daga ranar, inda duk aka rubuta 180, ni 155 nake murɗawa.

Kada ki buɗe ƙofa don karanta ma'auni. Buɗewa ɗaya tana zubar da zafi mai yawa, wuta ta kama da ƙarfi don ta rama, lissafinki ya lalace. Idan gilashin ya yi duhu, wanke shi, ko ki haska da fitilar waya. Kada kuma ki ajiye ma'aunin a ƙasan obin ko jikin bango, can zafin ƙarfe zai nuna miki.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, don masu yinsa suna ɗaukarsa a matsayin dabara. Sun gane obin ɗinsu yana da zafi, sai su ce "ai ni minti 25 nake ba shi maimakon 40." Haba! Zafi yana shiga kek ne daga waje zuwa ciki a hankali, kuma ƙara wuta ba ya sa tsakiya ta nuna da saurin da gefe ke ƙonewa. A 205 gefe da sama suna daskarewa da wuri su yi ɓawo, alhali kwaɓin tsakiya yana ci gaba da tashi. Ba shi da hanya sai ya huda saman, shi ne wannan tozon mai tsagewa da kike gani. Idan kika cire da wuri don gudun ƙonewa, tsakiyar da ba ta nuna ba za ta lotsa da zarar ya huce. Rage lokaci na iya yi wa biskit siriri aiki, amma kek mai kauri wutarsa ake ragewa, a bar masa lokacinsa. Idan kin gyara wuta, ki fara duba shi saura minti 5 ga lokacin da aka rubuta, da tsinken sakace a tsakiya. Mai ma'aunin da ake sokawa cikin abinci za ta ga kek da ya nuna yana wajen 96 zuwa 99 a tsakiyarsa.

Akwai kuma masu auna sau ɗaya a 180 su riƙa cire wannan adadin a ko'ina. Ba lallai ratar ta zama ɗaya a kowace lamba ba. Nawa a ƙaramar wuta digiri 15 kawai ya ɗara, a 180 ya ɗara da 25, a 220 kuwa da 35. Da na cire 25 a ko'ina, da abin da ke son wuta kaɗan ya yi sanyi, burodi kuma ya ƙone. Ki auna a lambobi uku da kika fi amfani da su, ki rubuta a 'yar takarda ki manna a jikin kabad. Tawa ta yi maiƙo ta yi ja, amma ba na barin kowa ya cire ta.

To wa ya ce shi ma'aunin gaskiya yake faɗa? Masu arha sukan yi ƙarya, musamman wanda ya taɓa faɗuwa ƙasa. Ni da suga nake kama su. Farin suga yana narkewa a wajen 186. Ki zuba cokali ɗaya a ɗan foyil, ki daidaita obin har ma'auni ya zauna a 175, ki sa sugan minti 15. Ya kamata ya fito yana nan gari, ko da ya ɗan canza launi. Ki ɗaga zuwa 190 ko 195 ki sake da sabo, ya kamata ya narke. Idan ya narke tun a 175, ko dai ma'aunin yana nuna ƙasa da gaskiya, ko hawan wutar obin ɗin yana yin nisa sosai. A nan sai ki aro na maƙwabciya ki jera su biyu ki gani. Irin mai fuskar agogo dai kada ki tsoma shi a tafasasshen ruwa, ba don haka aka yi shi ba.

Yawancin gidajenmu kuka mai gas ce da obin a ƙasa, kuma da yawansu ba su da na'urar daidaita zafi ko kaɗan. Makunnin harshen wuta kawai yake ƙarawa ko ragewa, daga babba zuwa ƙarami. Irin wannan ba ya hawa da sauka, hawa kawai yake yi a hankali har ya kai inda zai tsaya, kuma hakan na iya ɗaukar rabin awa ko fiye. Ki nemo wurin da allura ke tsayawa a 180, ki ɗiga jan farce a wurin. Ki bar ma'aunin a ciki kullum, domin ranar da tukunyar gas ta kusa ƙarewa wutar takan canza. Wutarsa daga ƙasa take zuwa, shi ya sa gindin kek ke riga sama ƙonewa. Ni nakan ɗaga ragar mataki ɗaya, in sa faranti marar komai a ragar ƙasa ya tare wutar. Wasu yashi suke zubawa a farantin, dabarar da iyayenmu suka yi ta gashi da ita a tukunya. Kada dai ki shimfiɗa foyil a ƙasan obin ki toshe ramukan iska, wutar gas tana buƙatarsu. Idan naki mai lambobi 1 zuwa 9 ne irin na Ingila, 4 tana nufin 180, 5 tana nufin 190, 6 kuma 200, amma su ma sai an auna.

Sauran ƙanana ne. Haɗin da ya fito daga Amurka ya ce 350, to Farenhait ne, wajen 180 ke nan a namu, kuma ma'aunai da yawa suna da layi biyu, ki tabbata wanda kike karantawa. Obin mai fanka ana rage masa 20 daga abin da aka rubuta don obin marar fanka, sannan ki cire ratar da kika auna a kai, kuma ki yi awon da fankar a kunne idan da ita za ki gasa. Baƙin gwangwani ya fi fari jan zafi, ina ƙara rage masa 10. Idan gefe ɗaya ne kullum ke ƙonewa, jera yankan burodi a kan raga ki gasa, inda ya riga yin ja can ne wutar ta fi, sai ki riƙa juya gwangwani bayan kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce, ba da wuri ba. Mai obin lantarki kuma kada ta yi awo ranar da wuta ta zo da rauni.

Cire lamba yana da iyaka. Idan ratar ta wuce digiri 40, ko yau 20 gobe 50, ko allura tana ta hawa ba ta saukowa a obin da ya kamata ya yanke wuta, to na'urar daidaita zafin ta lalace ko ɗan ƙarfen da ke jin zafi ya goce daga mazauninsa. Ki duba robar bakin ƙofa ma, idan ta yage zafi yana zurarewa wuta ta yi ta ci. Wannan aikin mai gyara ne, musamman na gas. Wasu obin masu allo suna da wurin gyara lambar a cikin saitinsu, littafin da ya zo da shi zai nuna miki. Ko an gyara, ki sake awon nan na minti 20 da dubawa huɗu kafin ki zuba kwaɓin mutane, ki kuma canza 'yar takardar jikin kabad.