Darasi na Tara: Gurbin da Hoto Yake Ci a Cikin Hira da Manhaja

Da yawa daga cikinmu sun fara tura hoto ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Claude da Gemini, don a karanta musu rasit, ko takardar makaranta, ko shafin littafin bashi. Hanya ce mai sauƙi ga wanda hannunsa bai faɗa da rubutu a waya ba. Sai dai kowane hoton da kuka tura yana cin gurbi a cikin hirar, gurbin nan kuwa yana da iyaka.

Abin da manhaja take iya riƙewa

Ku dubi allon ajin nan. Malam yana rubutu tun daga sama, idan ya kai ƙasa babu sauran wuri sai ya goge wani abu. Haka hira da manhaja take. Tambayoyinku, da amsoshinta, da hotunanku, duk a allo ɗaya suke hawa, kuma duk lokacin da za ta ba da sabuwar amsa sai ta sake bin abin da ke kan allon tun daga farko. A bayanan kamfanonin za ku ga sunan wannan wuri an rubuta shi `context window`. Mu a nan za mu riƙa ce masa ma'ajiyar hira.

Ana auna ma'ajiyar da wani ma'auni mai suna tokin. Tokin ɗan guntun rubutu ne, wani lokaci kalma guda, wani lokaci gutsuren kalma. Rubutun Hausa yakan ci tokin fiye da na Turanci ko da tsawonsu ɗaya. Girman ma'ajiya ya danganta da manhaja: GPT-4o, ɗaya daga cikin samfuran ChatGPT, na ɗaukar tokin 128,000, samfuran Claude da dama kuma 200,000. Wasu manhajojin sukan rage girman ma'ajiyar ga wanda ke amfani da su kyauta.

Yadda ake lissafa hoto

Hoto tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. Manhaja takan yayyanka hoton gida-gida ta mai da shi tokin, don haka yawan ɗigogin ne ke nuna gurbin da zai ci. Kowane kamfani da tsarinsa, kuma tsarin yakan canja idan an fitar da sabon samfuri. Bari mu ɗauki wanda kamfanin Anthropic ya bayar na Claude, saboda ya fi sauƙin lissafi:

```
tokin = (faɗi × tsawo) ÷ 750
```

Hoto mai fiksel 1,000 a faɗi da 1,000 a tsawo ɗigo miliyan ɗaya ke nan. A raba da 750, an sami tokin kusan 1,333. Ƙaramin hoto mai 600 da 400 kuwa tokin 320 kawai zai ci.

To ina hoton kyamarar waya, wanda yakan kai fiksel 4,000 da 3,000? Da za a bi lissafin nan kai tsaye, da ya ci tokin 16,000. Ba a barinsa haka. A samfuran Claude da yawa ana matse babban hoto tukuna, har ya dawo wajen tokin 1,600, wato faɗinsa da tsawonsa su ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne mutane suka fi shan wahala. Matsewar tana rage gurbi, amma tana cinye ƙananan rubutu. A wayarku kuna iya jan hoton da yatsu biyu ku ga lamba 7 tangaran, ita manhajar kuwa matsattsen hoton ne a gabanta, sai 7 ta zame mata 1. Wanda ya ɗauki littafi a buɗe, shafi biyu a hoto ɗaya, ga tebur ga ƙafar kujera a gefe, ya kashe gurbi a kan tebur da kujera, rubutun da yake so a karanta kuma ya dushe.

Kada kuma ku haɗa wannan da data. Megabait na data da hoto ya ci wajen turawa lissafinsa daban, tokin daban. Goge hoton daga cikin waya ma ba ya dawo da gurbin da ya riga ya ci a hirar.

Misali: littafin bashi mai shafi 40

Wata mai shagon kayan masarufi tana so a tattara mata bashin da take bin mutane. Littafinta shafi 40 ne, ta ɗauki kowane shafi cikakken hoto, tana turawa kaɗan-kaɗan a hira guda.

Hoto 40 sau tokin 1,600 ya ba da 64,000. Manhajar kuma tana rubuto abin da ta karanta a kowane shafi. Mu ƙaddara kowace amsa tokin 700 ce, sau 40, an sami 28,000. Jimla 92,000. A ma'ajiya mai 200,000, an kusa cin rabi ba a ma fara haɗa kuɗin ba.

Yanzu a ce da dare ta yi ɗaukar, hasken bai isa ba, sai da ta sake tura kowane shafi karo na biyu. Hotunan farko marasa kyau suna nan daram, sababbin ba su maye gurbinsu ba. Hoto ya zama 80, tokin 128,000, in an haɗa da 28,000 ɗin amsoshi jimla 156,000. Ga wata matsala a kai: shafi ɗaya yana da hoto biyu, manhajar na iya ɗauko lamba daga wanda ya dushe.

Alamun ma'ajiya ta cika

Wata manhajar takan fito fili ta nuna cewa hirar ta yi tsawo, a buɗe sabuwa. Wannan da sauƙi. Wata kuwa shiru za ta yi, ta zubar da farkon hirar ko ta taƙaita shi, ta ci gaba da amsawa. Ku kuna ganin hoton shafi na 1 a saman hira idan kun ja sama, amma ita ya fita daga abin da take dubawa. A nan ne za ta iya kawo suna daidai da kuɗi ba daidai ba, kuma ta faɗe shi ba tare da wata shakka ba. A harkar bashi, wannan na iya haɗa mai shago faɗa da maƙwabcin da ya riga ya biya.

Gwajin ba wuya. Ku nemi ta maimaita wata lamba daga hoton farko, ku duba littafin da idonku. In ba su dace ba, kada ku ƙara dogara da hirar nan. Tun kafin ma'ajiya ta cika ma, hira mai tsawo takan sa ta cakuɗa shafi da shafi.

Yadda ya kamata mai shagon ta yi

Ta ɗauki hoton da rana, shafi ɗaya-ɗaya, wayar a saitin takardar. Kafin ta tura, ta buɗe hoton ta taɓa `Edit` sannan `Crop`, ta yanke gefuna har sai rubutun kaɗai ya rage. Idan layi uku ne kawai ake buƙata, su kaɗai za ta yanko. Yankakken hoto irin mai tokin 320 ɗin nan, guda biyar ne suke cin gurbin cikakken hoto ɗaya, kuma tunda ba a matse shi ba lambobin sun fi fitowa.

Sannan ta kasa aikin. Ta tura shafi goma, a mayar mata da su rubutu, ta gwada da littafin, ta kwafe rubutun ta adana. Sai ta taɓa `New chat` don goma na gaba, domin sabuwar hira da ma'ajiya fanko take farawa. In ta gama kashi huɗun, ta liƙa rubutun duka a hira ta biyar a haɗa mata jimla. A lissafinmu na sama tokin 28,000 ke nan, babu hoto ko ɗaya a ciki.

Aikin aji

1. Hoto mai fiksel 900 a faɗi da 500 a tsawo tokin nawa zai ci?
2. Cikakken hoto 25, kowanne tokin 1,600, nawa ke nan? Nawa ya rage a ma'ajiya mai 200,000?
3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ɗauki hoton wannan shafi daga nesa, ɗaya ya matso ya yanke gefuna. Ku ajiye wayoyin kusa da juna ba tare da jan hoton ba, ku ga a wanne ne lamba 750 ta fi karantuwa.