Yadda ake lissafin kuɗin da injin niƙa mai gurup ke ci a wata

Mutum uku na sani nan Damagaram da suka kafa injin niƙa suka rufe kafin shekara, kuma ba don rashin masu kawo niƙa ba. Dukansu abu guda suka yi, wanda ni ma na yi da fari: su sayi gazuwal na jika biyar da safe, su ƙirga abin da ya shigo da marece, ragowar su kira shi riba.

Ka fara da mai, kuma da awa ake auna shi, ba da tiya ba. Gurup bai san ko akwai gero a kwanon injin ba, muddin yana kunne sha yake yi. Ka cika tanki har baki da safe. Ka aje littafi, duk lokacin da aka tada a rubuta, duk lokacin da aka kashe a rubuta. Da dare ka sake cika tankin da kwalbar lita, kana ƙirgawa. Ka raba litocin da awowin. Kwana uku za ka yi haka, ka haɗa da Alhamis, ranar kasuwar Dole, don aikinta daban ne. Kuma kai da kanka za ka yi, ba yaron injin ba.

Nawa gurup ɗin mai kVA 15 ne, yana jan motar injin niƙa mai doki bakwai da rabi, kuma ya ba ni lita 2 a awa. Abin da ya tsorata ni ba wannan ba ne. Littafin ya nuna awa 7 a rana, alhali niƙan gaskiya bai wuce awa 5 ba. Sauran biyun kuwa, yarinya ta kawo rabin tiya a tada mata, a gama, yaron ya bar injin yana ruri don ya hango wata tafe da ƙwarya daga bakin masallaci. Ko ba kaya, wajen lita guda yake sha a awa, wato sama da jika talatin a wata ina ƙonawa a iska. Tun ranar na kafa doka: ba a tadawa sai kwano biyar sun jeru. Mata sun yi ta mita mako guda, suka saba.

To, awa 5 sau lita 2 sau kwana 26, lita 260 ke nan. A 2024 an maida litar gazuwal sefa 618, ni nakan sa 620, ya zama 161,200. Ka yi lissafi da farashin gidan mai ko da kana samun na bumburutu da sauƙi. Matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu, ban ga dalilin zuba mai mai ruwa a injin da gyaran famfonsa ya fi rarar da ka samu ba.

In wata rana ka ga awowi ba su ƙaru ba amma mai ya ƙaru, duba abu uku. Farantan niƙa sun dakushe, sai a yi ta maimaita zubi. Ko matatar iska ta toshe da ƙura da gari, za ka gane da baƙin hayaƙi. Ko kuma surfe ne ake kawowa bai tsane ba. In duk ba su ba ne, to man ba cikin tanki yake zuwa ba.

Gyara kashi biyu ne. Akwai wanda ka san ranarsa: juyen baƙin mai da matatu. Takardar injin takan ce awa 250, amma da ƙurar hunturu da garin da ke tashi a shago ni ba na wuce 150, kusan kowane wata ke nan, 15,000. Wasa faranti da canjin bel na sa musu 10,000. Sai wanda ke zuwa ba sallama, kamar mota ta ƙone sai an sake naɗi. Ka ware masa 15,000 duk wata ko ba abin da ya lalace, ka ba wani ajiya, don a aljihunka ba za ta kai Sallah ba.

Albashin yaro 30,000, kuɗin abincinsa dala ɗari a rana, 13,000. In kai ke tsayawa a injin, ka rubuta wa kanka wannan kuɗi. Haya da haraji 10,000.

Jimla 254,200. Ka raba da tiyar da kake niƙawa. Ni tiya 200 a rana, 5,200 a wata, kowace tiya tana cina wajen sefa 49. Lokacin da na fara wannan lissafi dala goma nake karɓa a tiya, washegari na maida ita sha biyar.